Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Abin da Rubutun Jikin Ƙwayar Magani Yake Faɗa, da Inda Maganarsa Ta Tsaya

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Gwandu, gero ya fara fitar da kai, ruwa ya kwanta a fadamu, gida kaɗan ne a Masama ba za ka tarar da mai zazzaɓi a kwance ba. Binciken cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi da aka duba jininsu suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya zarce na kowace jiha a Najeriya. Saboda haka maganin zazzaɓi a wannan yanki kayan gida ne, kamar gishiri da ashana.

Mu ɗauki wani gida irin wanda kowa ya sani. Yarinya 'yar shekara shida ta kwana da jiki zafi rau. Da safe aka aiki yaro kemis, ya dawo da ƙwayoyi shida masu ruwan ɗorawa a ƙulle cikin farar leda, ba kwali, ba takarda. Wanta, ɗalibi a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ya zo hutu. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Kewayayya ce, shafaffiya, da tsagi a tsakiya. A gefe ɗaya ya ga N da C, tsagin ya raba su. Ya juya ta, ya ga CG. Ya ɗauko waya ya shigar da haruffan a wani rumbun bayanan magunguna, nan take hoto ya fito, sak da abin da ke hannunsa: Coartem, atimita miligiram 20 da lumefantirin miligiram 120.

Ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, Inna, mai kyau ne, a ba ta.

Saurayin ya yi abin da ya dace da ya tsaya ya duba. Kuskurensa a kalma ɗaya yake: mai kyau. Wayar ba ta faɗi haka ba, ba kuma za ta iya faɗa ba. Abin da ta gaya masa shi ne akwai wani magani a duniya da ake bugawa da wannan kama da waɗannan haruffa. Ko na hannunsa shi ne, wannan wata tambaya ce daban, kuma a kanta ran yarinyar ya rataya.

Yadda ake duba rubutun

Ƙwayar magani gari ce da inji ya matse tsakanin ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa. Duk abin da aka sassaƙa a bakin ƙarfen, shi yake fitowa a jikin ƙwayar: harafi, lamba, tambarin kamfani, ko tsagin da ake bi a raba ta biyu. A Amurka, wata doka da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar a 1993 ta wajabta wa kusan kowace ƙwayar da ake haɗiya ta ɗauki alamar da, idan aka haɗa da girmanta da siffarta da launinta, za a gane maganin da kamfanin da ya yi shi. Daga wannan doka ne rumbunan binciken suka samu abin tarawa. Daga cikin waɗanda ake shiga a waya akwai Pill Identifier na Drugs.com, sai DailyMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, wanda ke ajiye takardun bayanin magunguna kamar yadda kamfanoni suka miƙa su.

Aikin yana da ƙa'ida. Hannu ya zama busasshe, domin gumi yana cinye rubutu. A ɗora ƙwayar a kan farar takarda, a haska ta daga gefe da fitilar waya. Hasken gefe yana sa ramin harafi ya yi inuwa ya fito, hasken sama kuwa yana shafe shi. A karanta ɓangarorin biyu, a rubuta su a takarda kafin a taɓa waya, don kada hoton da za a gani ya sa ido ya ga abin da babu. Sai a shigar da haruffan duka a gurbin Imprint, a zaɓi launi a gurbin Color, siffa a gurbin Shape.

A nan ake fara tuntuɓe. Sifili yana kama da harafin O, ɗaya yana kama da I, 6 kuma idan ƙwaya ta juye ya zama 9. Launin da wani zai kira ɗorawa, wani ruwan lemo zai ce. Idan rubutun gajere ne, harafi ɗaya ko lamba biyu, rumbun zai jero magunguna da yawa da ba su da alaƙa da juna, kuma wanda ya riga ya sa wa ransa amsa zai tsinci wadda yake so daga cikinsu. Dacewa ta gaskiya ita ce a samu komai ya zo ɗaya: haruffan gaba da baya, launi, siffa, tsagi, da girma idan an faɗa. Abu ɗaya ya saɓa, babu dacewa. Misali, L484 a jikin doguwar farar ƙwaya farasitamol ne miligiram 500 a Amurka. Ka ga waɗannan haruffa a jikin kewayayyar ƙwaya shuɗiya, ba ita ba ce.

Rumbun wasu, kasuwar wasu

Ɗalibin Kalgo ya yi sa'a ne da ya samu amsa. Coartem na kamfanin Novartis ya samu izinin sayarwa a Amurka a 2009, shi ya sa hotonsa yake cikin rumbun. Yawancin abin da ke kan kantar kemis a Masama, Gwandu, Jega ko Birnin Kebbi daga masana'antun Indiya da Sin da Legas da Ogun yake fitowa, kuma ba a taɓa yi masa rajista a Amurka ba. Da yawa daga cikinsu ba su da rubutu sam sai tsagi. Wasu sunan kamfani ne kawai a jiki, kuma kamfani ɗaya yakan buga sunansa a kan magunguna daban-daban. Wasu lamba ce kawai, 500 ko 5, wadda nauyin maganin take nufi, ba sunansa ba.

Wannan yana da sakamako biyu, kuma kowanne yana cutarwa. Na farko, rashin samun ƙwaya a rumbun ba ya nuna jabu ce. Mutum zai iya zubar da sahihin maganin hawan jinin tsohuwarsa don waya ba ta san shi ba. Na biyu ya fi haɗari: ƙwayar Indiya tana iya yin karo da haruffan wata ƙwayar Amurka da ba ruwansu da juna, waya ta kawo sunan waccan, mutum ya yarda. Babu wata hukuma a duniya da ke raba waɗannan haruffa tsakanin kamfanonin ƙasashe don kada su yi karo.

Najeriya tana da nata rumbun, Greenbook na hukumar NAFDAC, amma ba da rubutun jikin ƙwaya ake bincika shi ba. Sunan magani ake shigarwa, ko sinadarin da ke cikinsa, ko lambar rajistar da ke jikin kwali. Wato wanda aka ba ƙwaya tsirara a leda an riga an raba shi da makamin da ƙasarsa ta tanadar masa.

Abin da aka samu a cikin lasifikoki

A watan Yunin 2012, jami'an kwastan a tashar jiragen ruwa ta Luwanda a Angola suka buɗe kayan da aka yi jigilarsu daga Guwangzu ta ƙasar Sin. An rubuta lasifikoki ne. A cikin cikkunan lasifikokin suka tarar da fakiti kusan miliyan 1.4 na magani mai sunan Coartem. Kwalin ya yi kyau, launin ƙwayar ya yi daidai, har da alamar rajistar NAFDAC ta Najeriya an kwaikwaya. Da aka kai ɗakin gwaje-gwaje, ba a samu atimita ba, ba a samu lumefantirin ba. Abin da aka samu sinadarin kalsiyam fosfet ne, da maiƙo, da rinin ɗorawa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa jabun Coartem yana yawo a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Ka tsaya ka yi tunanin mai yin jabu. Abin da ke cin kuɗi a magani shi ne sinadarin da ido ba ya gani. Abin da ido ke gani kuwa, rini da ƙarfen bugu da kwali, shi ne mafi araha. Ƙarfe ɗaya da aka sassaƙa wa N da C zai buga ƙwayoyi dubbai a yini, ko da alli aka zuba wa injin. Hoton da ke cikin rumbun, wanda kake dubawa don ka tabbatar, shi ma mai jabu yana da waya, shi yake kallo don ya kwaikwaya. Saboda haka ƙwaya ta dace da hoto abu ne da sahihiya da jabu duka suke yi, kuma alamar da mai gaskiya da ɓarawo suka yi tarayya a kanta ba ta raba gardama.

Ko a Amurka haka abin yake. Shuɗiyar ƙwaya mai M a gefe ɗaya da 30 a ɗaya gefen, a rumbun, oksikodon ce miligiram 30, maganin ciwo mai ƙarfi. Masu fataucin ƙwaya suna buga irinta sak da fentanil a ciki. A 2023 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce bakwai cikin goma na jabun ƙwayoyin fentanil da ta gwada suna ɗauke da adadin da zai iya kashe mutum. Duk wanda ya shigar da M 30 a waya, amsa mai kwantar da hankali zai samu.

Darasin Ituri

Akwai kuma lokacin da rubutun yake nuna hanya, amma ba wanda ya bi. Daga ƙarshen 2014 zuwa cikin 2015, a yankin Ituri na arewa maso gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mutane suka riƙa zuwa asibiti wuya a sanƙare, fuska a karkace, harshe a waje, yawancinsu yara. Da farko an ɗauka sanƙarau ne. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun kwantar da marasa lafiya fiye da sau dubu. Da gwaje-gwaje suka nuna yawancinsu ba sanƙarau ke damunsu ba, aka koma kan abin da suke sha. A fitsarinsu aka samu haloferidol, maganin taɓin hankali mai ƙarfi. Daga ina? Daga ƙwayoyin da ake sayarwa a matsayin diyazifam, wanda a yankin ake bayarwa barkatai ga ciwuka iri-iri. Kowace ƙwaya tana ɗauke da haloferidol tsakanin miligiram 10 zuwa 20, adadin da ya yi wa yaro yawa ƙwarai.

Gargaɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya siffanta ƙwayar: mai ruwan ɗorawa, da tsagi a gefe ɗaya, da AGOG a ɗaya gefen. Wannan sunan wani kamfanin Indiya ne, wanda ya bayyana cewa yana yin haloferidol mai wannan launi da wannan rubutu, amma a cikin kati yake sayar da shi, da wani suna daban. A Ituri kuwa a cikin roba aka same su, an manna mata takardar da ta ce diyazifam.

Abu biyu ke cikin wannan labari. Rubutun AGOG shi kaɗai bai ce haloferidol ba, bai ce diyazifam ba. Sunan gida ne, ba sunan mutumin da ke ciki ba. Amma da wani ya lura cewa sunan da ke jikin ƙwaya ya saɓa da sunan kamfanin da ke jikin roba, ya tsaya ya tambaya, da ya kama bakin zaren tun da wuri. Amfanin rubutu ke nan: sawu ne. Mai bin sawun saniyar da ta ɓata, idan ya ga kofato a yashi, ya san inda zai fuskanta, amma ba ya komawa gida ya ce ya ga saniya.

Mu koma Masama

To me ya kamata ɗalibin ya yi bayan hoton ya fito? Tunda ya samu suna, sunan ya ba shi tambayoyin da zai yi, kuma ta farko lissafi ce. Atimita da lumefantirin mai 20 da 120 sau shida ake shansa cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma kwana biyu, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya tsotse shi. Yawan ƙwayoyi a kowane sha ya danganta da nauyi: kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, 35 zuwa sama huɗu. Idan yarinyar tana da kilo 19, ƙwaya goma sha biyu take bukata. Shida aka ba ta. Ko da sahihai ne, rabin magani ne, kuma rabin magani yana kwantar da zazzaɓi ya bar cutar ta sake tasowa.

Ta biyu, shin cizon sauro ne ma? Gwajin ɗigon jini a yatsa a cibiyar lafiya matakin farko minti goma sha biyar zuwa ashirin yake ɗauka. Zazzaɓin yaro yana iya zama ciwon huhu, ko taifot, ko farkon ƙyanda, kuma babu rumbun da zai gaya maka wannan daga harafin ƙwaya.

Ta uku, a koma kemis da ledar, a nemi ganin kwalin da katin da aka ɓallo ƙwayoyin. Wannan magani a rufe cikin kati yake fitowa daga masana'anta, don haka ganinsa tsirara shi kansa dalilin tambaya ne. Ba faɗa za a je yi ba. Sau da yawa mai kemis ɗin shi ma saya ya yi daga dila, bai san abin da aka ba shi ba. A kwalin za a duba lambar rukunin da aka yi maganin a cikinsa, da ranar yi, da ranar lalacewa, a ga ko sun zo ɗaya da waɗanda aka buga a kan katin. A duba kuskuren rubutu da dusashewar launi. A ɗauki lambar rajistar NAFDAC a shigar a Greenbook, a tabbatar sunan magani da ƙarfinsa da kamfanin da suka fito su ne na jikin kwalin, domin masu jabu sukan ari lambar wani magani su manna.

Sannan a kankare azurfar da ke jikin kwalin. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin tantancewa ta saƙon waya, kuma magungunan cizon sauro suna cikin waɗanda aka wajabta wa. Ana tura lambobin da suka bayyana zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a wurin, kyauta, amsa ta dawo. Wannan ya fi rubutun ƙwaya ƙarfi nesa ba kusa ba, domin haruffan N da C iri ɗaya ne a kan miliyoyin ƙwayoyi, lambar kankarewa kuwa ta fakiti ɗaya ce tak, sau ɗaya ake amfani da ita. Duk da haka tana da iyaka: kwalin take shaida, ba ta san ko an sauya abin da ke ciki ba, kuma idan aka tarar an riga an kankare, shaidar ta faɗi.

Akwai kuma abin da ba kwali ba waya da zai nuna. Ana so a ajiye wannan magani a wurin da zafi bai wuce digiri 30 ba. A watan Afrilu zafin Kebbi yakan haura 40, balle cikin shagon kwano ko a kan faranti a rana. Ƙwayar da ta fito daga masana'anta da ƙarfinta tana iya raunana a hanya, haruffanta na nan daram.

Wanda ke da maganar ƙarshe

Abin da ke cikin ƙwaya, gwaji ne kaɗai yake faɗinsa. Jami'an NAFDAC suna da na'urar hannu mai suna TruScan, wadda ke harba haske cikin ƙwaya ta kwatanta yadda ya dawo da na sahihin magani da aka adana mata. Tana saurin kama wadda ba komai a cikinta, amma takan yi rauni wajen gane wadda aka rage wa sinadari. Akwai kuma akwatin gwaji na Minilab: a daka ƙwayar, a narkar, a ɗiga a kan wani faranti kusa da ɗigon sahihin magani mai cikakken ƙarfi da wani mai kashi 80 cikin ɗari, a bar ruwan gwaji ya hau farantin ya ja su. Idan tabon ƙwayar bai tsaya inda na sahihin ya tsaya ba, wani abu ne daban. Idan ya fi na kashi 80 dusashewa, an yi ƙwauro. Wanda ya faɗi a nan sai a tura shi babban ɗakin gwaje-gwaje, irin na hukumar da ke Kaduna ko Yaba, inda ake auna ainihin miligiram nawa ke ciki.

Mutumin Masama ba shi da waɗannan kayan, amma yana da hanyar kaiwa gare su. Idan ya yi shakka, kada ya zubar da sauran ƙwayoyin. Ya adana su da leda ko kwalinsu, ya ɗauki hoton gaba da baya, ya rubuta ranar saye, ya kai wa mai harhaɗa magunguna na asibiti ko ofishin NAFDAC a Birnin Kebbi. Ƙwaya ɗaya da aka adana tana iya sa a janye katan-katan daga kasuwa.

Jikin marar lafiya ma shaida ne, sai dai shaidar da ke zuwa a makare. Idan an fara magani zazzaɓi bai sauka ba har kwana na uku, a koma asibiti da sauran maganin a hannu. Idan kuwa yaro ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyi ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi sama-sama, ba a jiran kwana uku, ba a tsayawa duba waya. Wannan zazzaɓi ne mai tsanani da ke bukatar allurar atisunet a asibiti, a wannan sa'ar.

Kada wanda ya karanta wannan ya daina duba rubutu. Ranar da yaro ya haɗiye ƙwayoyin kakarsa da ke cikin gwangwani, haruffan da aka karanta wa likita suna iya ba shi inda zai fara, ya haɗa da bugun zuciyar yaron da numfashinsa ya yanke shawara. Ranar da hoton waya ya saɓa da abin da mai kemis ya faɗa, wannan saɓanin ya isa a dakata. Rubutu yana da ƙarfin ya tsayar da hannu kafin ya kai baki. Ƙarfin ya ce a sha ne ba shi da shi.

Da ɗalibin nan ya san haka, maganar da zai yi wa mahaifiyarsa ta fi waccan tsawo kaɗan: Inna, ya yi kama da maganin cizon sauro, amma bai cika ba, kuma ban ga kwalinsa ba, ki goya ta mu je a duba jininta, ni zan biya ta kemis.